Sana'a uku, jari ɗaya: yadda ake jin bakin kasuwa kafin a taɓa kuɗi

*Assalamu alaikum Malam. Na gama bautar ƙasa bana, kuma da ɗan alawus da na tara da abin da yayana ya ƙara mini na haɗa naira 700,000. A Kano nake. Sana'a uku ke yi mini yawo a kai: in riƙa niƙa busasshen kayan miya ina ƙullawa a leda, ko in sayi firiza mai sola in riƙa sayar wa masu zoɓo da kunun aya ƙanƙara, ko in riƙa dafa abincin rana ana kai wa 'yan kasuwar Kwari. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce ko wacce na kama alheri ce. Yaya zan gane wadda za ta ci kafin in zuba kuɗina?*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kuɗin nan ka bar su inda suke tukuna. Abin da za ka kashe yanzu bai wuce mako biyu na lokacinka ba, da kuɗin adaidaita sahu, da ƙaramin littafin rubutu, da ɗan abin da za ka saya a wajen mutanen da za ka zauna da su don kada ka cinye musu lokaci a banza. Idan ka kashe fiye da naira 20,000 a wannan zagayen, to ka fara sana'ar ne ba ka sani ba.

Mutanen da ka tambaya ba ƙarya suka yi maka ba, kara suka yi maka. Yaro ya zo da fara'arsa ya ce ga abin da yake son yi, wa zai kalli idonsa ya ce ba za ta yi ba? Sai a ce Allah ya sa albarka, in ka fara ka sanar da ni. Addu'ar ka karɓa hannu biyu, amma kada ka rubuta ta a lissafi. Ka tuna yadda ake ciniki a kasuwa. Wanda ya tsaya a bakin shago ya ce masha Allah, wannan shadda ta yi kyau, wucewa zai yi. Mai saye shi ne wanda ya ɗauka ya murza ta da yatsa, ya ɗaga ta a rana, ya ce ai ba ta da nauyi, sannan ya taya rabin kuɗin har sai da ka ce masa albarka. Mai kushewa da tayawa shi ka zo nema. Duk aikin mako biyun nan shi ne ka kai kowace sana'a gaban mutanen da za su iya kushe ta, ka ga wacce za a taya.

Ni kaina na sha wannan ruwan. Shekarun baya na ƙulla garin kunun gyaɗa a leda mai tambari, bayan na tambayi mutane kusan talatin, dangi da abokan aiki da 'yan masallacinmu. Babu wanda bai ce zai saya ba. Da kaya suka fito, wasu suka karɓi leda ɗaɗɗaya don kunya, wasu suka ce a ba su su ɗanɗana, sauran kwalayen suka yi kwantai a ƙarƙashin gado har gyaɗar ta fara wari. Tambaya ɗaya ce ban yi wa kowa ba: yaushe rabonka da sayen garin kunu da kuɗinka? Da na yi ta, da na ji cewa kusan dukkansu a gida ake haɗa musu, kuma ba su taɓa jin hakan ya dame su ba.

Kafin ka fita, zauna da kowace sana'a ka nemo jijiyarta, wato abu ɗayan da idan ya zama ba haka yake ba, sana'ar ta mutu ko da komai nata ya yi daidai. Wannan shi ne abin da za ka je tambaya, ba sana'ar gaba ɗaya ba. Kuma za ka ga jijiyoyin ukun ba wuri ɗaya suke ba, don haka ba mutane iri ɗaya za ka nema ba.

Ɗauki ƙanƙara, don ita ce mafi saurin yankewa. Ba sai ka tambayi kowa ko ana son ƙanƙara a Kano cikin Afrilu ba. Kunun aya ba ya jure zafi, cikin 'yan awoyi yake tsami idan babu sanyi, kuma mai yin sa ta fi ka sani. Jijiyar nan ba ta wajen masu saye, tana wajen injin: firizar da kuɗinka za su iya saye, tare da faifan sola da batir, kilo nawa na ruwa za ta daskarar a yini? Mutane kan rikita girman cikin firiza da ƙarfinta. A takardar da ke zuwa da ita akan rubuta wani adadi da alamar `kg/24h`, wato nauyin abin da take iya daskararwa a awa 24, kuma a irin na gida adadin nan ƙarami ne sosai idan ka gwada shi da girman cikinta. An yi ta ne don ta riƙe abin da ya riga ya daskare, ba don a cika ta da ruwan ɗumi kowace safiya ba. To hirarka ta farko da mai gyaran firji ce, tsoho a sana'ar, wanda ba shi da abin da zai sayar maka. Ta biyu da wani mai sayar da ƙanƙara a wata unguwa nesa da taka, ka tambaye shi leda nawa yake fitarwa, awa nawa take ɗauka, da me yake yi idan ta fito rabi ruwa rabi ƙanƙara. Mai sayar da kayan sola kuwa ka je wajensa don farashi kawai, shi komai ka tambaye shi cewa zai yi zai ɗauka.

Sai ka yi lissafi a tsaye. Mu ƙaddara sun ce maka kilo 15 a yini, kuma mu ƙaddara ledar kilo ɗaya naira 200 ce a unguwarku, ka sa farashin yau a madadin nawa. Naira 3,000 ke nan a rana mai kyau, kafin ka cire ruwa da leda. Ko da kowace rana ta zama mai kyau, sai ka yi kusan wata takwas kafin cinikin, ba ribar ba, ya kai 700,000. Kuma ba kowace rana ce mai kyau ba. A Disamba da Janairu ba mai neman ka. Azumi, wanda shi ne babbar kakar ƙanƙara, yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara: na 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 cikin Fabrairu, na shekarun da ke tafe cikin hunturu za su faɗa. Idan lissafin da suka ba ka ya fi wannan kyau, madalla, sai ka wuce wajen masu zoɓo. Idan haka ya fito, hira biyu da kuɗin mota sun cece ka, ka ja layi a kanta ba tare da ka tambayi mai kunun aya ko ɗaya ba.

Kayan miya kuma zan daɗe a kansu, don na taɓa raka wani matashi gwada wannan tunanin, a watan Yunin 2023. Shi ma da matan gida ya fara a ransa: leda ƙarama mai kyau, tumatir da tattasai da attaruhu a niƙe, uwar gida ta zuba a ruwan zafi ta huta. Na ce masa jijiyar ita ce, akwai wanda yake kashe kuɗi ko wahala a kan kayan miya har ya kai ya canza abin da ya saba? Domin busasshen tumatir ba sabon abu ba ne. Kauɗa tana nan a kasuwa ana aunawa a kwano tun kafin a haife mu, ga kuma tumatirin leda a kowane shagon unguwa. Abokan hamayyarsa ke nan, ba wani kamfani da bai zo ba tukuna.

Matan aure ba zai iya shiga wajensu ba, sai ya tura ƙanwarsa da tambayoyi a rubuce, ta zagaya gida shida. Kai ma haka za ka yi, kuma ka ja mata kunne kada ta ce yayana ne zai fara sana'a, don daga ta faɗi haka an koma addu'a. Abin da ta dawo da shi bai yi masa daɗi ba. Duk shidan sun yi kukan tsadar tumatir, amma da ta tambaye su abin da suka yi a miyar jiya, sai ga shi kowacce ta riga ta sami mafita: wannan ta ƙara albasa ta rage tumatir, waccan leda biyu ta tumatir ta sa, wata ta ce su kuka da kuɓewa suka koma sai abin ya sauko. Kuma a gida huɗu cikin shidan ba matar ce ke cefane ba, maigida ne ke shigowa da shi. Kuka akwai, amma ba a kashe ko sisi a kansa. Irin wannan matsalar ana hira da ita ne, ba a sayen maganinta.

Sai muka juya wajen masu abincin sayarwa. Ba zan manta da wata dattijuwa mai shinkafa da miya a gefen wata tasha ba. Mun je wajen ƙarfe goma da rabi, bayan cinikin safe ya lafa, na rana bai taso ba. Wannan lokacin ka riƙe shi, wanda ya je wa mai abinci da tambaya ana azahar zagi zai sha. Muka sayi faranti biyu muka zauna a benci, tana yankan albasa a cikin wata babbar roba, 'yarta na wanke kwanuka. Na riga na gargaɗe shi kada ya ambaci garinsa. Ya gaishe ta, ya ce, "Mama, miyar nan ta yau, yaushe aka sayo kayanta?"

Ta ce jiya da yamma ta aika 'Yankaba.

"Nawa aka kashe?"

Ta faɗa masa, har da kuɗin mota, ba ta ko ɗaga kai ba. Mai sana'a ba ta manta abin da ta kashe jiya.

"Tumatir ɗin ɗanye ne?"

Ta yi dariya ta ce ɗanye a wannan watan, so kake in rufe? Kauɗa ce, da ɗan ɗanye kaɗan don launi. Ya tambaye ta yadda take yi da kauɗar, sai ta ajiye wuƙar. Ta ce sai an jiƙa ta tun dare, a wanke sau uku ko huɗu saboda ƙasa, don a ƙasa ake shanya ta, wani lokaci a bakin titi. Da asuba yarinya ta ɗauki bokiti ta tafi markaɗe, ta bi layi. Ta ce, "Ɗan nan, ni ba tumatir ne ciwon kaina ba, markaɗe ne. Tun da man nan ya tashi mai inji ya ƙara kuɗi, shekaranjiya kuma injin ya lalace, sai da rana ta take muka ɗora miya, masu motar safe duk suka wuce wajen waccan." Ta nuna wata rumfa da haɓa. Makonni kaɗan ke nan da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, kowa yana jin abin a jikinsa.

Ka lura da abin da ya faru. Cikin minti goma, ba tare da ya faɗi sana'arsa ba, ya san nawa take kashewa, sau nawa, a ina, da abin da ya taɓa sa ta yi asarar ciniki, har da ranar. Sai a lokacin na yi masa ido, ya fito da 'yar leda daga aljihu, garin da ya niƙa a gida daga kauɗar kwano ɗaya da ya tsince ya wanke ya sake shanyawa a kan tabarma. Ta zuba a tafin hannu, ta shinshina, ta ɗanɗana da harshe. Ta ce launin ya yi duhu, miyarta za ta yi baƙi, kuma attaruhun ya yi yawa, ita tana son ta sa yajinta da kanta. Sannan ta ce, "Nawa za ka ba ni kwano?" Ya faɗa. Ta ce haba, ta taya ƙasa da haka sosai. Fuskarsa ta canza, ni kuwa a raina na ce yau muka fara aiki.

A cikin masu abinci shida da muka zauna da su, huɗu sun kawo maganar markaɗe ko wankin ƙasa da bakinsu. Uku sun taya. Biyu sun ba da kuɗin rabin kwano a take don a kawo musu su gwada. Tunanin da ya fita da shi daga gida, leda ƙarama ga matan aure, ya mutu. Wanda ya dawo da shi wani ne daban: tumatir da tattasai kawai, ba attaruhu, a auna a kwano, a kai wa masu abinci har rumfa. Ba tambari, ba injin liƙe leda, waɗanda su ya yi niyyar fara saye.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, kuma nan ne nake son ka fi buɗe kunne. Mun yi hirar nan ne a lokacin da tumatir ya fi tsada a shekara. Tumatirin Kano na noman rani ne, daga Kadawa da Kura da kewayensu, yana cika kasuwa daga wajen Janairu zuwa Maris har kwando ya rasa mai saye, sannan ya ɓace idan zafi ya tsananta damina ta kawo kai. Kuskurenmu shi ne ba mu tambayi matan nan abin da suke yi a Fabrairu ba. Da kakar ta zagayo, duk suka koma ɗanye, har dattijuwar nan, kuma ba laifinta. Ashe sana'ar ta 'yan watanni ce a shekara, kuma ribarta tana wajen saye, ba wajen sayarwa ba: ka sayi ɗanye lokacin arha ka shanya da kanka a wuri mai tsabta, ko ka sari kauɗa a lokacin ka adana. Tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, sai ka shanya kilo goma sha wani abu kafin ka sami kilo ɗaya busasshe. Ma'ana jarinka zai kwanta a buhu wata uku ko huɗu, kana tsaron danshi da ƙwari, kafin ka ga naira ɗaya. Tambaya ɗaya, "Mama, wata huɗu da suka wuce yaya kike yi?", da ta nuna mana wannan a ranar farko. Don haka duk wanda ka zauna da shi, a kan ko wace sana'a, ka tambaye shi jiya, ka tambaye shi kuma ɗaya kakar.

Ina jin ka riga ka ga salon tambayar. Duk tambayar da ta fara da "da a ce" ko "za ki saya idan" ka jefar da ita, domin amsarta kyauta ce, ba ta cin mai ba da ita komai. Ka tambayi abin da ya riga ya faru: yaushe na ƙarshe, nawa, a wajen wa, me ya faru da aka rasa, me aka gwada aka bari. Idan mutum ya ce abu yana damunsa, ka ce to me ka yi a kai? Idan bai yi komai ba, bai dame shi ba. Kuma ka iya yin shiru. Matasa da yawa daga an kushe musu tunani sai su fara kare shi, su cika wurin da bayani. Wanda ka je saurara ya koma sauraronka, ka dawo gida da maganarka. Littafin ma kada ka buɗe shi a gabansu, sai a ɗauka ma'aikacin haraji ne kai ko ɗan wata ƙungiya mai rabon tallafi, ko wanne kuwa zai ɓata amsar. Ka fita ka sami inuwa ka rubuta nan take, da kalmominsu, ba da fassararka ba.

Mutum nawa? Biyar ko shida a kowace sana'a sun isa zagayen farko, muddin iri ɗaya ne. Masu abinci shida hira ce mai ma'ana. Mai abinci ɗaya da matar aure ɗaya da mai shago ɗaya da ɗalibi ɗaya, wannan tarkace ne, ba abin da za ka iya kwatantawa. Alamar ka ji abin da ya isa ita ce idan ka fara sanin amsar kafin a ba ka. Kuma su zama mutanen da ba su san gidanku ba.

Abincin Kwari kuma, tarkonsa shi ne wa za ka tambaya. Idan ka shiga layi, wanda zai fi sakin jiki da kai yaron shago ne, zai ce maka abincin da ake kawowa ya ishe su, mai ne kawai da magi. Amma sau da yawa ba shi ke biya ba, ubangidansa ne ke ba da kuɗin abinci ko ya biya wa yara gaba ɗaya, shi kuma mai yiwuwa daga gida ake kawo masa nasa a kula. To mai ci daban, mai biya daban, kuma sai ka ji duka biyun. Babu ɗan kasuwar da yake wuni da yunwa yana jiran ka, kowa yana da mai kawo masa, wata ta shekara goma tana shiga layin nan. Jijiyar ita ce me zai sa a bar ta. Ka tambayi mai shago wa ya kawo abincin jiya, nawa faranti, ya taɓa canza mai kawowa, me ya jawo. Sannan tambayar da ta fi duka nauyi: yaushe ake biyan ta? Idan amsar ita ce da yamma ake zagayowa karɓa, ko ƙarshen mako, kuma wani lokaci a ce a dawo gobe ba a yi ciniki ba, to sana'ar ba ta girki ba ce kawai, ta bin bashi ce, kuma ka tambayi kanka ko kana da fuskar da za ka tsaya a gaban sa'an mahaifinka ka ce Alhaji kuɗin shinkafa. Ka sa a lissafi kuma cewa wata guda cur a shekara babu abincin rana.

Bayan hira sai neman abin hannu, don baki bai isa ba. A ƙarshen zama da duk wanda ya nuna yana da matsalar da gaske, ka roƙi wani abu da zai ɗan ci shi. Mafi ƙarfi shi ne kafin alƙalami, ko na faranti biyar ne na ranar Litinin, ko na rabin kwano. Ƙasa da shi, ya tsayar maka da rana da lokaci ya ce kawo in gwada a tukunyata, don mai abincin da ta yarda ta sa garinka a miyar da za ta sayar ta sa sunanta a ciki. Ƙasa da wannan, ya ɗauki waya a gabanka ya kira wani ɗan'uwan sana'arsa ya ce ga yaro nan zai zo. "Sai na neme ka" da "bar mini lambarka" ba komai ba ne, sallama ce cikin mutunci. "Kawo in sayar in ba ka kuɗin" kuma ka yi hattara da ita, tana kama da ciniki amma duk haɗarin a wuyanka yake, shi ko kaya sun tafi ko sun zauna bai rasa komai ba. Sharaɗi ɗaya: kada ka karɓi kuɗin abin da ba za ka iya kawowa a ranar da ka ce ba. Faranti goma a tukunyar gidanku za a dafa, kwano biyu na gari a injin unguwa za a niƙa. Idan ka fasa, ka mayar da kuɗin da ƙafarka a ranar.

Za ka ce idan na yi ta yawo da maganar wani zai sace tunanin. Ƙanƙara da abinci da kauɗa, wanne ne a ciki ba a yi a Kano yau? Abin da ba a iya sacewa shi ne abin da dattijuwar nan ta faɗa a kan launi da attaruhu, kuma wanda ya zauna a bencinta ne kawai ya ji shi.

Ranar zaɓe, ka buɗe shafi uku, kowace sana'a da nata, ka amsa musu tambayoyi iri ɗaya daga abin da ka rubuta, ba daga abin da kake ji ba. Mutum nawa suka ambaci matsalar kafin ka ambata? Nawa suke kashewa a kanta yanzu, kuma sau nawa a mako? Nawa suka taya, nawa suka ba da abin hannu? Wata nawa a shekara ake cinikin? Sannan daga ranar da naira ta fita hannunka, kwana nawa kafin ta dawo? Kada ka ba su maki ka tara, don tarawa tana ɓoye rami: sana'ar da ta ci huɗu ta faɗi a jijiyarta matacciya ce. Ka fara cire wadda jijiyarta ta tsinke, sannan ka gwada sauran.

Idan biyu suka rage kusan kunnen doki, ni ina fifita wadda za a iya farawa ƙanana a kuma janye ba tare da an bar jari a ciki ba. A nan ukun naka sun bambanta ƙwarai. Firiza da sola suna cinye kuɗin a rana ɗaya, kuma idan ka tashi sayarwa ba za ka mayar da uwar kuɗi ba, musamman batir. Abinci kana iya gwada shi da cefanen kwana uku, kuɗin su juya cikin mako. Kayan miya suna tsakiya: gwajinsu arha ne, amma cin ribarsu yana son ka kwantar da jari a kaka. Ka kuma kula da zuciyarka, don tabbas akwai ɗaya a cikin ukun da ka fi so, kuma ita za ka riƙa yi wa uzuri. Maganin wannan shi ne tun kafin ka fita ka rubuta sharaɗin kowacce, misali idan ban sami mutum biyu cikin shida da suka ba da kuɗi ba na bar ta, ka ba yayanka takardar ya ajiye. Tunda da kuɗinsa a ciki, ba zai yi maka kara ba.

Hira tana da iyakarta. Tana kashe mummunan tunani da sauri, amma ba ta tabbatar da mai kyau. Mutum shida ba Kano ba ne, kuma sayen farko sau da yawa na son gani ne ko na tausayi. Wanda ake dubawa shi ne na biyu da na uku, ranar da mai abinci ta aiko yarinya da kuɗi ba ka je ba. Saboda haka wadda ta tsira daga hira ba ita za ka zuba wa 700,000 ba. Ka ware mata kamar 50,000 ka yi mako uku kana kai wa waɗanda suka taya, kana rubuta wanda ya dawo da wanda ya yi shiru, kuma wanda ya yi shiru ka koma ka tambaye shi dalili, don shi ba zai zo ya faɗa maka ba. Rajistar suna, tambari, kwali, da lambar NAFDAC idan abin ya kai ga ƙullawa a leda a sa a shaguna, duk suna jiran bayan makonni ukun nan.

Yana iya faruwa ukun duka su faɗi. Idan haka ta kasance, ka sake karanta littafin daga farko kana neman abin da mutane suka yi ta kuka da shi wanda ba shi ka je tambaya ba, kamar yadda markaɗe ya fito mana daga maganar tumatir. Matashin nan da na raka, da ya ga garin na 'yan watanni ne, masu abincin nan shida ya koma wa, wannan karon da tambayoyi a kan inji: ƙarfe nawa ake buɗewa, bokiti nawa ake kaiwa, nawa ake biya, sau nawa ya lalace a watan jiya.